KASUWA DA CINIKI: Hoton Jadawali Daga Karar Potiskum

Kowa ya san duk ranar Laraba karar Potiskum takan cika ta batse, domin tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Shanu da tumaki da awaki sukan shigo daga ƙauyukan Jihar Yobe da Borno da ƙasashen maƙwabta, tireloli kuwa su kwashe su zuwa Kudu. A da, lissafin wannan ciniki yana cikin kan fatake da dillalai ne, ko kuma cikin wani ɗan littafi da ke aljihun yaron gida. Yau kuwa wasu daga cikin manyan 'yan kasuwa sun ɗauki matasa masu ilimin kwamfuta, su ke rubuta kowane ciniki, sa'an nan ƙarshen wata su ɗauki hoton fuskar na'urar su aika wa maigida ta wayar hannu. Maigida ya dubi hoton a Kano ko a Legas, ya ce, "To, me wannan ya ce?" Amsar wannan tambaya ita ce aikin da filin nan zai duba a wannan mako.

Abin da akawu yakan ɗauki hotonsa shi ne wani irin jadawali da ake kira `PivotTable` a cikin manhajar `Excel`. Dabarar ta fara fitowa kasuwa ne a shekarar 1991 cikin wata manhaja mai suna `Lotus Improv`, bayan 'yan shekaru kuma ta shiga `Excel`, inda yawancin jama'a suka san ta. Aikinta bai da wuyar fahimta. Akawu yana da dogon lissafi, kowane layi ciniki ɗaya ne: rana kaza, dabba iri kaza, kai nawa, kuɗi nawa. Jadawalin sai ya tattara layukan nan, ya ware su kashi kashi, ya haɗa jimlar kowane kashi. Watau dai kamar yadda ake ware dabbobi a turke ne, bijimai gefe guda, raguna gefe guda, sa'an nan a ƙirga.

A ɗauki misali, kuma mai karatu ya lura misali ne kurum aka tsara don bayani, ba lissafin wani ɗan kasuwa ba ne. A ce wani falke da ke ciniki a karar Potiskum kowace Laraba ya sami wannan hoto daga akawunsa, na watanni uku na shekarar 2024, kuɗin kuwa a miliyoyin naira:

```
Sum of Kudi   Afrilu  Mayu  Yuni  Grand Total
Bijimai         24     27    21       72
Raguna           3      6    27       36
Awaki            4      5     3       12
Grand Total     31     38    51      120
```

A ƙarƙashinsa kuma akwai wani ɗan jadawali na yawan kawuna. Bijimai 40 aka sayar a Afrilu, 45 a Mayu, 30 a Yuni. Raguna kuwa 25, da 40, da 135.

Kafin a ce uffan a kan kuɗin, sai an duba kusurwar sama ta hannun hagu. A nan an rubuta `Sum of Kudi`, ma'ana an tara kuɗin ne. Wannan wuri ne da mutane da yawa ba su kula da shi, alhali nan ne ɓarna takan fara. Idan akawu ya bar wasu gurabe babu komai a jerin kuɗi, ko ya rubuta kalma maimakon lamba, misali ya sa "bashi" ko "sai gobe", na'urar tana iya juya lissafin ta koma ƙirga layuka, sai a ga `Count of Kudi`. A sa'an nan lambar 24 ba naira miliyan 24 ba ce, ciniki 24 ne. Haka kuma ba kawuna 24 ba ne, domin layi ɗaya yana iya zama sa guda, yana kuma iya zama raguna goma sha biyu da aka sallama wa mahauci ɗaya a tashi ɗaya. Bayan wannan sai a haɗa lambobin da hannu a ga ko sun kai jimlar da aka rubuta: 72 da 36 da 12 sun ba da 120, haka nan 31 da 38 da 51. In jimla ta zarce abin da ido ke gani, to an yanke wani layi wajen ɗaukar hoton. Sai kuma a duba ko akwai wata 'yar alama mai kamar mazurari kusa da kan jadawalin, wadda ke nuna an tace lissafin an fid da wani sashe. Wannan ita ta fi haɗari, domin in an tace, jimlar ma takan ragu daidai da abin da aka fitar, lissafi ya yi daidai cif, babu mai ganewa sai wanda ya lura da alamar.

In an gama wannan bincike, sai a zo ga hukunci. Hukuncin kirki yana da ƙafa uku kamar murhu: abin da aka gani, lambar da ta tabbatar da shi, da abin da ya kamata a yi ko a bincika. Wanda ya rubuta "ciniki yana tafiya daidai" bai faɗi komai ba, domin ba ya bukatar jadawali kafin ya faɗi haka.

Hukunci na farko shi ne mafi sauƙi. Bijimai su ne ƙashin bayan wannan ciniki, gama sun kawo naira miliyan 72 daga cikin 120, watau kashi 60 cikin ɗari. Raguna sun kawo kashi 30, awaki kashi 10. Saboda haka duk abin da ya taɓa hanyar samun bijimai, ko rashin lafiyar dabbobi ne ko tsaron hanya, ya taɓa fiye da rabin abin da ke shigowa gidan. Amma fa a lura da kalmar da aka zaɓa, "sun kawo". Ba a ce sun fi riba ba. Za a komo ga wannan.

Hukunci na biyu ya fi bukatar natsuwa. Daga Mayu zuwa Yuni jimla ta tashi daga miliyan 38 zuwa 51, ƙarin miliyan 13 ke nan. Mai gaggawa sai ya yi murna ya ce kasuwa ta buɗe. To, amma in an bi layi layi, za a ga raguna sun ƙaru da miliyan 21, bijimai kuwa sun ragu da 6, awaki sun ragu da 2. A cire 8 daga 21, saura 13. Ashe ba kasuwa ce ta buɗe ba, ƙofa ɗaya ce ta buɗe, sauran biyu ma sai suka ɗan rufe. Bugu da ƙari, daga cikin miliyan 36 da raguna suka kawo a wata uku, miliyan 27, watau kashi uku cikin huɗu, duk a wata ɗaya aka same su. Abin da akawu zai rubuta shi ne: ƙarin da aka gani a Yuni duk daga raguna ya fito, kuma cinikin raguna a wata ɗaya ya taru, don haka kada a auna watan Yuli da ma'aunin Yuni.

A nan kowane yaro a Potiskum zai ce ai Babbar Salla ce, kuma lalle gaskiyarsa, domin an yi Sallar Layya ta 2024 ran Lahadi 16 ga watan Yuni. Sai dai kalmar Salla ba ta cikin jadawalin. Ilimin da mutum ya zo da shi ne daga waje, kuma ya kamata a rubuta shi a matsayin haka: "jadawali ya nuna kaza, mu kuwa mun san an yi Salla ran kaza." Wani zai ce wannan ai tsirfa ce. Ba tsirfa ba ce, ga dalili. Na'urar tana ware ciniki bisa watannin Bature, Salla kuwa tana bin watan Musulunci, wanda ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2023 an yi Sallar ran 28 ga Yuni, a 2024 ran 16, a 2025 kuwa ran 6. Wanda ya ɗauko daga jadawalin 2024 cewa "Yuni watan raguna ne", ya ajiye jarinsa sai Yuni ya kama a 2025, ya tarar saura Laraba ɗaya tak kafin Salla, masu jigila zuwa Kudu kuwa tuni sun yi lodi tun cikin Mayu. Wanda ya rubuta "makonni kaɗan kafin Salla" shi ne ya rubuta abin da zai yi amfani baɗi.

Akwai wani hukunci da ke kiran ido, wanda ya kamata a ƙi shi. Afrilu 31, Mayu 38, ai ƙari ne na miliyan 7, fiye da kashi 20 cikin ɗari. To, a buɗe kalanda. Watan Afrilu na 2024 Laraba huɗu gare shi, ran 3 da 10 da 17 da 24. Watan Mayu kuwa biyar, ran 1 da 8 da 15 da 22 da 29. A raba 31 gida huɗu, a sami miliyan 7.75 kowace kasuwa. A raba 38 gida biyar, a sami 7.6. Watau cinikin kowace Laraba bai ƙaru ba, ya ma ɗan sauka. Har ila yau, Larabar 10 ga Afrilu ita ce ranar Ƙaramar Salla a wannan shekara, ba ranar da ake sa ran kara za ta cika ba ce, saboda haka watakila kasuwa uku ce cikakkiya ta haifar da miliyan 31 ɗin nan. Ga mai kanti da ke buɗewa kullum, bambancin kwana 30 da kwana 31 ba wani abu ba ne. Ga wanda kasuwarsa ke ci sau ɗaya a mako, Laraba ɗaya kashi ɗaya cikin huɗu ce ta watansa.

Hukunci na uku yana fitowa ne in an haɗa jadawalin kuɗi da na kawuna. A Mayu bijimai 45 sun kawo miliyan 27, kowane ɗaya ya tashi a naira 600,000 ke nan in an daidaita. A Yuni bijimai 30 sun kawo miliyan 21, kowane ɗaya 700,000. Don haka yawan bijiman da aka sayar ya faɗi da kashi ɗaya cikin uku, amma kuɗin da kowane kai ya kawo ya hau da naira 100,000, wannan ne ya sa faɗuwar kuɗin ba ta kai faɗuwar kawuna ba. Abin bincike shi ne ko bijimai ne suka yi ƙaranci a kara, ko kuwa jarin gidan ne aka karkatar wajen raguna.

Wajen wannan rabo akwai tarko, kuma akawu da yawa sukan faɗa ciki da zuciya ɗaya. Maimakon su raba jimlar kuɗi da jimlar kawuna, sai su sa na'urar ta ba su `Average of Farashi`. Na'urar kuwa layuka take daidaitawa, ba ruwanta da kawunan da ke cikin kowane layi. A ce an sayar da wani ƙaton rago guda a 400,000, an kuma sayar da raguna goma a 150,000 kowanne. Layi biyu ke nan, na'ura za ta haɗa 400,000 da 150,000 ta raba biyu, ta ce matsakaicin farashi 275,000 ne. Gaskiyar magana kuwa raguna 11 ne suka kawo naira miliyan 1.9, kowanne bai kai 173,000 ba. Maigidan da ya shiga kara da lambar farko a kansa zai yi tayin da zai sa dillalai su yi ta sa masa albarka.

To, hukunci uku sun samu. Saura rabin aikin, watau faɗin abin da jadawalin ba zai iya nunawa ba. Akawun da ya bar wannan sashe ya ba maigidansa fitila ne bai gaya masa inda haskenta ya tsaya ba.

Babban abin da babu shi ne riba. Duk lambobin nan kuɗin sayarwa ne. Babu kuɗin saye, babu la'adar dillali, babu dusa da harawa da ƙaiƙayin da dabba ta ci tana jiran mai saye, babu magani, babu haraji, babu ladan masu kora da masu lodi. Sa na naira 600,000 da aka saya a 570,000 aka ciyar da shi mako biyu yana iya komawa hasara, akuya ta 50,000 da aka saya a 40,000 aka sallama a ranar kuwa ta bar wani abu a hannu. Yana yiwuwa ƙwarai layin nan na awaki, da ya fi kowanne ƙanƙanta, shi ne ke ciyar da gidan. Jadawalin bai ce haka ne ba, bai kuma ce ba haka ba ne. Dabbar da ta mutu a turke ko a mota ma ba ta da layi ko kaɗan, gama ba a sayar da ita ba.

Na biye da shi shi ne bashi. Cinikin dabbobi ciniki ne na amana, mahauta da fatake sukan ɗauki kaya sai sun sayar su kawo kuɗi, wani ya cika alkawari a mako, wani sai bayan Salla, wani kuwa sai an haɗa da sarkin kasuwa. In akawu yana rubuta ciniki a ranar da aka ce "na sallama", to miliyan 27 ɗin raguna alkawari ne da kuɗi a gauraye, kuma hoton bai raba su ba. Mutum yana iya riƙe da hoton da ya ce ya yi cinikin miliyan 51, alhali ba shi da abin da zai shiga kara da shi Laraba mai zuwa.

Sa'an nan akwai maganar girman dabba, wadda ta shafi hukunci na uku kai tsaye. An ce kuɗin kowane sa ya tashi daga 600,000 zuwa 700,000. An yi hattara ba a ce farashin shanu ya tashi ba, domin a kara ba a kan sikeli ake ciniki ba, ido ne da hannu. Kalmar "bijimai" a jadawali ta haɗa ɗan maraƙin da bai gama tasawa ba da ƙosasshen san da aka turke wata huɗu. In a watan Yuni masu layya sun fi neman manya, to matsakaici zai hau ko da farashin kowane iri bai motsa ba. Haka yake ga raguna, da suka tashi daga 120,000 a Afrilu zuwa 150,000 a Mayu da 200,000 a Yuni: wani sashe na wannan tsada ce, wani sashe kuwa girman ragon ne, kuma babu yadda za a raba su daga hoton.

Sauran abubuwan ba su bukatar dogon bayani. Jadawalin bai san mai sayen da ya zo neman raguna hamsin ya tarar da ashirin ba. Bai nuna ko mutum ɗaya ne ya kwashe rabin bijiman ba. Lissafin gida ɗaya ne, ba na karar Potiskum ba, don haka ba za a ce daga gare shi kasuwa ta yi kaza ba. Kuma wata uku ne kacal. Ko da an kawo na 2023 an jera, sai an tuna cewa a watan Yuni na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashi sama da kashi 34 cikin ɗari, saboda haka wanda kuɗinsa ya ƙaru da kashi 20 a kan na shekarar da ta gabata baya ya ci, ba gaba ba. Kawuna su ne ma'aunin da ba ya zaizayewa.

Akwai kuma gazawar da ta hoton ce kanta, ba ta jadawalin ba. A kan kwamfuta, in mutum ya yi shakkar lambar 27, sai ya danna ta sau biyu, na'urar ta buɗe masa duk layukan da suka haɗu suka ba da ita, ya ga ko an rubuta ciniki ɗaya sau biyu, ko an ƙara sifiri bisa kuskure. A hoto ba a danna komai. Haka kuma jadawalin ba lalle ne ya sabunta kansa ba in an ƙara sababbin layuka, sau da yawa sai an danna `Refresh`, kuma hoto ba ya faɗin ko an danna. Akawun da ya shigar da cinikin Larabar 26 ga Yuni ya manta da wannan zai aika da watan da ya rasa kasuwa guda, hoton kuwa ya fito tsaf babu wata alama. Shi ya sa ya kamata kowane hoto ya tafi da ranar da aka ɗauke shi da ranar ciniki na ƙarshe da ke cikinsa.

In an bi duk wannan, saƙon da akawu zai haɗa da hoton ba zai wuce wanda za a karanta a tsaye ba. Ga yadda zai iya kasancewa:

"Ranka ya daɗe, Alhaji. Wannan lissafin sayarwa ne daga 3 ga Afrilu zuwa 26 ga Yuni, kasuwa 13, ba a tace komai ba. Na ɗaya, bijimai sun kawo miliyan 72 cikin 120. Na biyu, ƙarin miliyan 13 na watan Yuni duk daga raguna ne, bijimai da awaki raguwa suka yi, kuma a ganina Salla ce, don haka kada a sa ran irinsa a Yuli. Na uku, bijimai sun sauka daga 45 zuwa 30, amma kowane kai ya tashi daga 600,000 zuwa 700,000. Ƙarin da ake gani a Mayu na Laraba ta biyar ne. Wannan hoto bai nuna riba ba, bai raba bashi da kuɗi a hannu ba, bai kuma nuna girman dabbobin ba. In Alhaji ya amince, daga Laraba mai zuwa zan ƙara gurbi uku a littafin: kuɗin saye, abin da aka biya a hannu, da ajin dabba, babba ko matsakaiciya ko ƙarama."